Takardar Kawu Mai Layi Uku

Duk faɗin kwalejin horon malamai babu mai kiran kawuna da sunansa. Malam Me-ka-gani suke ce masa, daga ɗalibai har masu shara, kuma shi ya jawo wa kansa. Ba ka isa ka ce masa abu ya yi kyau ko bai yi ba ya ƙyale ka. Sai ya sauke tabarau zuwa karan hanci, ya leƙo ka ta samansa, ya ce, "Wannan ra'ayinka ne. Me ka gani?" Har a gida bai bar mutane sun huta ba. Matarsa, da muke kira Anti, ta taɓa dawowa daga kasuwa tana cewa kaya sun yi tsada, ya yi mata tambayar tasa. Ta dire kwandon a gabansa ta ce, "Na ga wanda zai kwana da yunwa."

Ƙanin mahaifiyata ne. A gidansa na girma tun ina 'yar shekara tara, don haka na san shi ciki da bai. Gajere ne, mai sanƙo, ba ya rabo da jan biro a aljihun gaba, kuma duk rigunansa suna da tabon tawada a daidai wannan aljihun. Da koyarwa a firamare ya fara. Ya sha ba mu labarin shekarunsa bakwai a can, da yadda masu duba makarantu suka shigo ajinsa sau goma sha ɗaya, kowanne ya zauna a baya yana hamma, ya tashi ya rubuta masa, "Darasi ya yi kyau, a ƙara ƙoƙari." Ya ce a shekara ta bakwai ne wata yarinya ta gaya masa cewa rabin ajin ba sa ganin allo, saboda a gaban abin da ya rubuta yake tsayawa. Shekara bakwai yana tare wa yara allo da ƙeyarsa, manya goma sha ɗaya sun gani ba wanda ya faɗa. Tun daga nan ya ƙulla gaba da wannan jimla, gaba irin wadda ba a sulhu.

Da ya koma kwaleji, aka damƙa masa ɗaliban da ake turawa makarantu koyon koyarwa, musamman masu darussan aikin hannu: ɗinki, kafinta, aikin lantarki, gwaje-gwajen kimiyya. Tsarin da ya tarar shi ne ɗalibi ya je makaranta, a haɗa shi da wani tsohon malami mai kula da shi, ya yi mako biyu yana kallon malamin, sannan ya fara koyarwa malamin na gyara masa. Wannan mako biyun na kallo, hutu ne kawai. Ɗalibai su zauna a bayan aji suna gyangyaɗi. Kawu ya ce ba za ta saɓu ba. Ya ce wanda bai iya kallon darasi ba ba zai iya koyar da shi ba, kuma tunda ɗalibi ya zauna ya ga abin da malamin ba ya iya gani daga gaban aji, rowa ce ya tashi da shi a cikinsa.

Abin da ya ƙirƙiro ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Farar takarda ce, a ja mata layi a raba ta gida uku. Gidan farko lokaci, na biyu abin da malami ya yi ko ya ce, na uku abin da hannun yara ke yi. A ƙasa kuma a rubuta abu ɗaya da ya yi aiki, da tambaya ɗaya. Dokokinsa na haddace su tun kafin in san ma'anarsu, don a falonmu yake maimaita su. A darasin aikin hannu kada ka kalli bakin malami, kalli hannun yara. Ƙirga yara nawa suka taɓa kayan aiki, kuma minti nawa. Kada ka rubuta "malami ya gaza" ko "malami ya burge", rubuta abin da ya faru da ƙarfe nawa ya faru. Ka nemi izinin malamin kafin ka zauna. Ka gaya masa abin da ka gani a ranar, ku biyu, ba a ɗakin malamai ba. Abu ɗaya za ka taɓo, kuma da tambaya za ka taɓo shi. In kun gama, ka miƙa masa takardar, tasa ce.

Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin komai. Wane malami ne mai shekara ashirin a aiki zai yarda yaro ɗan jiya ya zauna masa a aji da biro yana ƙirga masa minti? Kawu ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya a kan tsohon babur ɗinsa, yana shan shayin mutane yana lallashi, har malamai suka buɗe masa ƙofa a kan alkawari ɗaya: takardar ba za ta taɓa zuwa hannun shugaban makaranta ba. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da wannan alkawari, kuma bai da wata dukiya da ta wuce shi. Gidan da muke ciki na haya ne, babur ɗin ma sai an tura. Amma makarantu tara ne a garin da in ya shiga, malamai ke fito masa da takardun da suka tara a durowa, suna nuna masa abin da suka canza.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Kwalejin ba ta san da takardar ba a hukumance. In ɗalibi ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba babu maki da zai rasa. Abokan aikinsa na kiranta "wahalar Malam". Kowace shekara sai ya rubuta wa kwamiti, kowace shekara a ce za a duba. Yana tsoron ranar da zai yi ritaya abin ya bi shi gida. A shekarar da ni ma, ina ɗaliba a kwalejin, na kai matakin fita koyon koyarwa, sai kwamiti ya amince. Aka buga gidajen nan uku a cikin littafin aikin da kowane ɗalibi ke ɗauka, shafi goma sha biyu cur, har da ƙarin wani fili a ƙasa mai suna "Abin da muka tattauna da malami". Ranar da aka kawo littafin, Kawu ya shigo gida yana ɗaga shi sama kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Anti ta karɓa ta jujjuya. Ba ta yi dogon karatu ba, amma ba a yi mata wayo. Ta ce, "To ai wannan ɗinke yake. Ta ina yaran za su yago su ba malaman?"

"Ba sai an yaga ba. Malamin zai karanta ya sa hannu."

"Sannan littafin ya tafi ina?"

"Ya dawo wurina."

Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kan wani akwati. "Wannan fa na waye?"

"Hatimin shugaban makaranta ne. Shaida ce kawai cewa yaro ya yi zangonsa." Ya yi dariya. "Shekara nawa ana buga hatimin nan? Akawu ke bugawa, ko buɗewa ba ya yi."

Anti ta miƙa masa littafinsa ta ce, "Kai ka sani," ta koma kicin. Ina zaune a wurin, na ji komai, kuma ni ma dariya na taya shi.

Ɗinki na karanta, don haka aka tura ni wata makarantar sakandaren 'yan mata, wurin wata malama da kowa ke kira Uwar Keke. Shekararta ashirin da shida a ɗakin ɗinkin nan. Doguwa ce, mai faɗa, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta ko a taron malamai. Ɗakin dogo ne mai tagogi a gefe ɗaya, da babban tebur na yanka a tsakiya wanda almakashi ya gama zane wa fuska. Kekunan ɗinki shida ne jere a jikin bango, huɗu ke aiki, biyun an rufe su da tsohon labule kamar marasa lafiya. Ita take sa musu mai, ita take gyara su da sukudireban da ke cikin jakarta. Tana cikin mutum uku na farko da suka yarda da Kawu, kuma ba ta gajiya da yi masa gori a kan haka.

Ranar da ya kai ni, ta dube ni daga sama har ƙasa. "'Yar taka ce? Allah Ya sa ba ta gaji bakinka ba." Sai idonta ya sauka a kan littafin da ke hannuna. "Ina takardar?"

"Ta samu ƙarin girma, Malama. Ta shiga littafi."

"Wa zai karanta?"

Kawu ya dafa ƙirjinsa, daidai tabon tawadar. "Ni, da ke, da yarinyar nan. Babu na huɗu."

Ta nuna mini wata kujera kusa da kekunan da suka mutu. Ta ce in zauna can, kuma kada in kuskura in taɓa mata almakashi.

Darasin farko da na kalla na 'yan aji biyu ne, yara arba'in da biyu, minti tamanin, ana koyon ɗinki a miƙe. Na zauna na yi yadda aka koya mini, har ina jin kaina wata babba. Ƙarfe goma da minti biyar, Malama ta zauna a keke tana nunawa, yara tara na gaba suna gani, sauran suna kallon bayan 'yan uwansu. Goma da sha huɗu, zare ya tsinke, Malama ta gwada zura shi a allura sau biyar, ta miƙa wa wata yarinya ta zura. Goma da ashirin, yara huɗu sun hau keke, talatin da takwas suna zaune, hannu a cinya, biyu suna yi wa juna kitso. Haka na bi har aka buga ƙararrawa. Da na haɗa lissafi, yara goma sha ɗaya ne suka taɓa keke, talatin da ɗaya sun shigo sun fita ba su taɓa ko ƙyalle ba.

Sai da ɗakin ya watse na tashi. Na ce, "Malama, ko zan iya gaya miki abin da na gani?"

"Ai don shi aka ajiye ki. Faɗi."

Na fara da abin da ya yi aiki, kuma ba daɗin baki ba ne. Duk yarinyar da ta hau keke, Malama ba ta karɓe mata aikin, sai ta tsaya a bayanta ta ce ta saurari ƙarar keken, in ƙafa ta yi sauri za ta ji. Yara takwas cikin sha ɗaya sun miƙe layinsu kafin su sauka. Sannan na karanta mata lissafin, na yi tambayata: waɗanda ke jiran keke, akwai abin da hannunsu zai iya yi kafin layi ya zo kansu?

Ta karɓi littafin ta nisanta shi da fuskarta, ta matso da shi, ta sake nisanta shi. "Talatin da ɗaya? Ke, kin iya ƙirga kuwa?"

"Sau biyu na ƙirga, Malama."

"Keke huɗu gare ni. Ko haifo wasu zan yi?"

Na ja bakina na yi shiru, don Kawu ya ce in ka yi tambayar kada ka amsa ta da kanka. Ta yi ta faɗa ita kaɗai tana naɗe yadi, ta zagi wanda ya sayo kekunan, ta zagi wanda ya ƙi gyara su. Can sai ta zauna a bakin tebur, muryarta ta sauka. Ta ce batun allurar nan da na rubuta gaskiya ne. Yanar ido ce ta fara rufe mata idon dama, likita ya ce sai an yi aiki, tana jiran dogon hutu. Ba wanda ya sani a makarantar. Ta ce da can tana hango ɗakin gaba ɗaya daga kan keke, yanzu bayan aji hazo-hazo take gani, shi ya sa ba ta lura zaman ya kai haka ba.

Da na koma gida na buɗe filin nan na "Abin da muka tattauna da malami". An koya mini kada in ƙara, kada in rage. Na rubuta duk abin da ta ce, har da idon. Washegari na kai mata ta sa hannu. Ba ta karanta ba, rubutuna ƙanana ne, ta tambaye ni inda za ta sa, na nuna mata da yatsa.

Mako na biyu na shigo na tarar ta juya ɗakin. Ta raba yaran gida huɗu. Wasu na awo da tef suna zana da alli, wasu na yanka a babban tebur, wasu na kama ƙyalle da ɗinkin hannu, wasu na kan keke, duk minti ashirin a juya. Kekunan nan biyu da suka mutu ma ta yaye musu labule, ta cire musu allura, yara na koyon taka feda a kansu don ƙafa ta saba. Ta ɗora kujerarta a tsakiyar ɗaki maimakon gaba. A ranar na ƙirga yara talatin da tara da suka yi aiki da hannunsu fiye da awa ɗaya. Da na karanta mata, ta ce, "Sauran ukun fa?" Na ce sun tafi shan ruwa ba su dawo ba. Ta ce gobe za su sha a hannunta.

Kawu ya karanta shafukan biyu a falo da la'asar, ya cire tabarau ya goge ido. Bai ce ya yi kyau ba, ba ya faɗa. Cewa ya yi, "Kin gani." Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, kuma har yau in na tuna daɗin da na ji sai in ji haushin kaina.

Zango ya ƙare. Mu bakwai da aka tura makarantar muka tattara littattafanmu muka kai ofis a buga hatimi. Akawun ya tafi jinyar mahaifinsa, sai shugaban makarantar ya ce mu bari a kan teburinsa mu dawo jibi. Sabon zuwa ne, matashi mai son a ga aiki, kuma an yi wa makarantar alkawarin kwamfutoci ashirin in ta samar da ɗaki mai tsaro. Duk makarantar ɗakin ɗinki ne kawai ke da ƙofar ƙarfe. Ya riga ya nemi Uwar Keke ta koma wani ƙaramin aji, ta wanke shi tas. Mu ba mu san wannan ba. Da muka dawo jibi littattafan na nan da hatiminsu, har ya yaba mini rubutu.

Bayan hutu aka kira Uwar Keke ofis. Abin da ya faru a ciki daga bakin wata malama na ji. Shugaban ya ɗora mata hoton shafina na farko a gaba, ya ja layi a ƙarƙashin wuri uku: talatin da ɗaya ba su taɓa ko ƙyalle ba, ta gwada zura zare sau biyar, yanar ido ta fara rufe mata ido. Ya ce ba shi ya faɗa ba, ga shi da lokaci da lissafi, ga sa hannunta a ƙasa. Ya ce don lafiyarta da ta yara, allura da almakashi ba abin wasa ba ne, za ta koma kula da sito, ɗinki kuma za a riƙa koyar da shi a allo kafin a samu wata. Shafi na biyu, mai talatin da tara, bai ɗauki hotonsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a abin da ya karanta. Da na rubuta cewa malama ba ta iya ba, da an ce yarinya ce mai rashin kunya, a watsar. Da na rubuta darasi ya yi kyau, da yanzu tana ɗakinta. Amma na rubuta ƙarfe goma da minti goma sha huɗu, sau biyar, yadda Kawu ya koya mini, kuma irin wannan ba ta musantuwa.

Kawu ya je wurin shugaban da littafin a hannu, ya buɗe masa shafi na biyu. Mutumin ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce ai wannan littafi ya taimaka ƙwarai, ya kamata kowace makaranta ta riƙa amfani da shi wajen tantance malamai. Ya ce an riga an kwashe kekunan. Kawu ya fito ya nufi sito, ni ina biye da shi kamar wadda aka ɗaure wa igiya.

Siton ɗaki ne marar taga a bayan ofis, cike da karyayyun bencina da kwalayen alli. Kekunan shida na jibge a lungu, an ɗora wasu kan wasu. Tana zaune a bakin ƙofa da rajista a cinya, tef ɗin na wuyanta har yanzu. An yi mata aikin idon a hutu, kuma ya yi, tana ganin komai tar.

Kawu ya ce, "Malama, na zo ne..."

"Babu na huɗu," in ji ta.

"Wallahi ban zaci..."

"Na san ba ka zata ba. Kai da kake koya wa yara su duba, ba ka duba shafin ƙarshe ba?" Ba ta ɗaga murya ba, ita da ake jin faɗanta daga bakin get. Ta juyo gare ni. Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, 'yata, ke aikinki kika yi. Ni ce na buɗe baki a gaban mai biro." Ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙunshi da aka ɗaure da igiyar ƙyalle. Takardun shekara goma sha huɗu ne, masu layi uku, na ɗaliban da suka zauna a ajinta. Ta miƙa wa Kawu. "Ka ce nawa ne. Riƙe abinka."

Ya karɓa da hannu biyu. A hanyar gida babur ɗin ya mutu, bai ko gwada tayar da shi ba, muka tura shi har ƙofar gida. Anti ta gan mu, ta ga ƙunshin, ba ta ce ai na faɗa ba. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi.

Labari ya zaga makarantu tara kafin mako ya fita. Ba wanda ya kori ɗaliban Kawu, malamai sun fi haka wayo. Ɗalibi zai je kallo, sai a ce yau gwaji ake yi, gobe malam na da taro. In an bar shi ya shiga, darasin da aka riga aka koyar makon jiya za a maimaita masa, yaran da suka iya a gaba, kowa da kayan aiki a hannu. Wani malamin lantarki ya fito fili ya gaya wa ɗalibinsa, "Ni ma zan cika maka fom a ƙarshen zango. Ka rubuta mini alheri in rubuta maka alheri." Ɗaliban ba wawaye ba ne, makinsu na hannun mutanen nan.

Kawu ya koma kwamiti yana roƙon a cire shafukan, a mayar da su takarda warwara. Shi da ya yi shekaru yana roƙon a saka. Suka yi masa dariya, suka ce an buga na shekara biyar, kuma shugabannin makarantu sun rubuto suna yabawa. Ya ce to a cire hatimin. Suka ce hatimi doka ne. Ya gwada raba farar takarda a ɓoye kamar da, malamai suka ce sun gode. Wani tsohon abokinsa malamin kafinta ya ce masa, "Malam, ba ƙin ka muke ba. 'Ya'ya gare mu."

Shekara huɗu ya ƙara kafin ritaya. Kowane ƙarshen zango littattafai na taruwa a falonmu, ɗari da wani abu, yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan lokaci a cike tsaf, gidan malami a cike, gidan hannun yara an rubuta "suna aiki" tun daga sama har ƙasa. A wurin tambaya kuma, "Babu, darasi ya yi kyau." Da farko yana zagaye jimlar da jan biro yana rubuta tambayarsa a gefe. Daga baya ya koma zagayewa kawai. A shekarar ƙarshe sa hannu yake yi ya ajiye. Uwar Keke ta yi ritaya daga sito. Na ji an ce ta sayi keke ɗaya tana koya wa 'yan unguwarsu a zaure, ban taɓa samun ƙarfin zuciyar zuwa ba.

Yanzu ni ma malamar ɗinki ce a wata makaranta, shekarata tara, da keke uku da yara hamsin. Bara aka fara turo mini ɗalibai. Wadda aka ba ni yarinya ce mai kaifin ido, irin wadda Kawu zai so. Ranar farko ta zo mini da shafi a cike, ta ƙirga komai, har ta lura cewa masu hannun hagu biyu na fama da almakashi ban sani ba. Gaskiya ta faɗa, kuma na gyara. Amma shugabarmu na neman wanda za ta tura reshen makarantar da ke bayan gari, ni kuma yarana uku ƙanana ne. Na sa yarinyar ta yage shafin a gabana da reza, a hankali yadda ba za a gane ba, na gaya mata abin da za ta rubuta a na gaba: darasi ya yi kyau.

A zangon ne Kawu ya biyo ta makarantarmu, yana dawowa daga asibiti da maganin hawan jininsa a leda. Ya tsufa, babur ya daɗe da tafiya, aljihun rigarsa fes babu tabo. Ya tarar da mu ana tashi daga darasi. Da ya ga littafin a hannun yarinyar fuskarsa ta ɗan yi haske, ya miƙa hannu ya ce, "'Yata, mu gani." Na so in hana, amma ta riga ta miƙa masa.

Ya buɗe, ya sauke tabarau zuwa karan hanci. Ya karanta shafin. Sai ya sa babban yatsa ya shafa tsakiyar littafin, inda reza ta bi. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ba yarinyar ba, ni. Na tsaya ina jiran tambayar da na sha ji tun ina 'yar shekara tara. Wallahi da ya yi ta, da na faɗa masa komai.

Ya rufe littafin ya mayar wa yarinyar. Ya ɗauki ledar maganinsa.

"Ya yi kyau," in ji shi. "A ƙara ƙoƙari."